Injin wanke kwanoni ya baƙanta mini tukwane: me ake sawa ciki, me ba a sawa?

Maman Nafisa (Yantala): Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara, raina a ɓace yake tun safe. Maigidana ya sayo mana injin wanke kwanoni na hannu wurin wani ma'aikaci da zai bar Yamai, ba takarda ba komai. Sati biyu ina sa faranti da kofuna da cokula, suna fitowa tas. Jiya aka yi sunan ɗan ƙanwata a gidanmu, wanke-wanke ya taru, na gaji, sai na loda masa duk abin da ya shiga: tukwanen dalma biyu da na sayo a Katako, tandar masa ta baƙin ƙarfe wadda innata ta bar mini, ƙaramin turmin dakan tafarnuwa, katakon yanka, da wuƙaƙe biyu. Na murɗa shi a kan mafi zafi, inda aka rubuta 70, na je na kwanta. Da safe na buɗe. Tukwanen sun koma kamar toka, in ka shafa sai baƙin gari ya biyo yatsa. Tandar ta yi ja da tsatsa. Katakon ya buɗe a tsakiya. Tukwanen za su gyaru? Tandar ce ta fi damuna wallahi.

Zali: Wa alaikumus salam Yaya. Ni ina ganin injin ne ya lalace, shi ya sa mutumin ya sayar. Ko kuma gishirin nan da ake zuba masa a ƙasa ya yi yawa. A kira mai gyara ya duba.

Hajiya Bukoki: Ɗiyata, sannu. Tandar gado ba a ba inji ita. Amma kada ki yar, baƙin ƙarfe ba ya mutuwa don ya yi tsatsar kwana ɗaya. Tukwanen kuwa, yadda kika faɗi kamarsu ya tuna mini abin da kanwa ke yi. Duk wadda ta taɓa barin jiƙon kanwa ya kwana a tukunyar dalma, ko ta cika kanwa a dahuwar wake, ta san yadda cikinta ke dusashewa ya yi duhu.

Malam Isufu: Hajiya ta riga ta faɗi amsar. Na yi shekaru ina aiki a kicin ɗin wani otal a nan Yamai, kuma abin da muke fara koya wa sabon yaro ke nan. Zali, injin lafiyarsa lau, shaida ita ce farantan sun fito tas. Matsalar sabulun ce.

Sabulun da muke wanki da shi da hannu mai sanyi ne, don an yi shi ne ya taɓa fata. Na inji ba hannun da ke taɓa shi, kuma ba soso a ciki da zai goge, saboda haka aka ƙarfafa shi ya narkar da maiƙo da kansa. Babban abin da ke cikinsa ɗan uwan kanwa ne na kusa, gishirin soda iri ɗaya ne da wanda ke cikin kanwar da ake kawowa daga arewa. To ki ɗauka kin zuba ruwan kanwa mai ƙarfi, mai zafin digiri 70, ana fesa wa tukunyarki shi fiye da awa ɗaya.

Ita kuma tukunyar da muke ce wa ta dalma, alminiyom ce aka narkar aka zuba. Alminiyom yana da wata ƴar fata siririya da iska ke yi masa, ido ba ya ganinta, ita ke tsare shi. Ruwan kanwa yana cinye fatar nan, ya taɓa ƙarfen da ke ƙasa. Baƙin garin da ke biyo yatsanki ƙarfen tukunyar ne da kansa da ya ci. Shi ya sa wanki ɗaya tak ya isa ya yi ɓarnar.

Maman Nafisa: Ikon Allah. To Malam, na ce ko guba ce? Don har na ware su ina shirin ba masu sayen tsohon ƙarfe.

Malam Isufu: Kada ki bayar. Amma kada ki dafa komai ciki sai kin fitar da baƙin, don zai sauka a abinci, farar shinkafa ta fito ruwan toka. Abin da kanwa ta ɓata, tsami ke gyarawa. Ki cika tukunyar da ruwa har inda baƙin ya tsaya. A kowace lita ki sa babban cokali biyu na binegar, ko ruwan lemon tsami kamar haka. Ki ɗora ya tafasa minti goma zuwa sha biyar, za ki ga cikin yana washewa tun tana kan wuta. Ki zubar da ruwan, ki goge da sabulun hannu da soson ƙarfe mai laushi, ki ɗauraye. Bayan tukunyar kuma ki raba lemon tsami biyu ki dirje shi da shi. Gwajin ƙarshe: ki shafa farin tsumma mai danshi. In ya fito da toka-toka ki sake, in ya fito fari ta koma aiki.

Abu ɗaya ne ba ya dawowa. In kin shafa kin ji ƴan ramuka kamar zanzana, wannan ƙarfen ya tafi ke nan. Tukunyar za ta ci gaba da girki, sai dai ƙyallin sabunta ba lallai ya dawo duka ba.

Hajiya Bukoki: Jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yi, mu da ita muka saba. Sai dai a zubar da ruwan nan, kada wata ta ga ruwan tsamiya ta ce za ta dama kunu da shi.

Malam Isufu: Ƙwarai Hajiya, a zubar. Tsami ma yana jan ƙarfen kaɗan, da haka yake wanke baƙin. Dalilin ke nan da ba a son miyar tumatir ko ta yakuwa ta kwana a tukunyar dalma, a juye ta a wani mazubi.

Ramatu: Ni dabarata mai sauƙi ce, mayen ƙarfe. Irin wanda ake liƙawa a jikin firigo. Abin da ya kama, ƙarfe ne mai ƙarfi, a sa shi a inji. Abin da bai kama ba alminiyom ne, a wanke da hannu. Kuma ku duba gindin kaya, in akwai hoton kofi da cokali mai yatsu to an yarda a sa.

Malam Isufu: Ramatu, rabin maganarki daidai ne, amma in Maman Nafisa ta bi ta za ta sake sa tandar. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe gam, shi kuwa baƙin ƙarfe ya fi kowa ƙin inji. Sannan inoks mai kyau, wanda ake buga wa 18/10 a gindi, sau da yawa maye ba ya kama jikinsa, alhali shi ne sarkin shiga inji. Gaskiyarki a wuri ɗaya ce: maye ba ya kama alminiyom. Don raba alminiyom da inoks, ki ɗaga ki ji. Alminiyom ba shi da nauyi in aka kwatanta da kaurinsa, launinsa a dushe yake, in kika ƙwanƙwasa ƙararsa a toshe. Inoks siriri ne amma da nauyi, yana ƙyalli kamar madubi.

Hoton kofi da cokali mai yatsu kuma cewa yake abin ya dace a zuba abinci a ciki, bai ce komai a kan inji ba. Alamar inji yawanci faranti ne ko kofi a cikin ɗan akwati, da ɗigon ruwa ko layuka suna sauko masa daga sama.

Ramatu: To fa. Shekara biyu ina bin hoton kofin nan. Ashe shi ya sa wata robata ta lanƙwashe, murfin ya daina rufuwa.

Maman Nafisa: Na ɗora tukunya ɗaya da lemon tsami yanzu, ina jira. Don Allah a zo kan tandar.

Hajiya Bukoki: Baƙin da kike gani a tandar innarki ba datti ba ne, ɗiyata. Man da ta yi shekaru tana suya da shi ne ya gasu ya zama kamar fenti. Shi ke hana masa kamawa, shi ke hana tsatsa. Ni tawa ba ta san jiƙo ba. In na gama suya, tana da ɗumi nake goge ta, in ta kama in sa ruwan zafi kaɗan, in mayar da ita kan garwashi ta bushe, in shafe ta da mai. Shi ke nan.

Malam Isufu: Haka ne. Sabulun inji aikinsa ke nan cin gasasshen mai, bai san wanda ake so da wanda ba a so ba. Ya kware fentin, sannan tandar ta kwana cikin tururi da ƙofa a rufe. Tsiraran ƙarfe da danshi na awa takwas, dole ta yi ja.

Gyaran yana son haƙuri amma ba wuya. Ki dirje tsatsar da soson ƙarfe, rami-rami, har jan ya tafi ki ga ƙarfe mai ruwan toka. Ki ɗauraye, nan take ki ɗora a wuta ta bushe ƙarau, kada ki ajiye ta ta bushe da kanta don kafin ki juyo ta sake yin ja. Tana da ɗumi ki ɗiga man gyaɗa a tsumma ki shafe ko'ina, ciki da baya da hannu. Ga inda mutane ke kuskure: bayan kin shafa, ki ɗauki busasshen tsumma ki goge kamar kina so ki cire man duka. Abin da ya rage shi ake so. Ki mayar kan gas ko garwashi har ta fara hayaƙi, ki bar ta kamar minti goma har hayaƙin ya ragu, kina juya ta wuta ta samu kowane rami. Ki sauke ta huce kaɗan, ki sake. Sau uku ko huɗu. In kina da tanderun gas, ki kife ta ciki awa ɗaya a kan digiri 230, ya fi gasa ta daidai.

Za ki gane ta yi in ta koma ruwan ƙasa mai duhu, santsi, ba ta manne wa yatsa. In kin ji danƙo, man ya yi yawa ko wutar ba ta isa ba, ki ƙara mata wuta.

Hajiya Bukoki: Kuma kada ranki ya ɓaci in zubin farko da na biyu suka kama. Ki cika mai a ramukan kwanakin farko. Baƙin da innarki ta tara ba a rana ɗaya za ki mayar da shi ba, amma in kina suya a kai a kai zai dawo.

Abdu ɗan Tawa: Salamu alaikum. Ni ban da injin ga, kuma ban taɓa aiki da shi ba, amma nama nika saidawa nan Tawa, kuma da anka ambaci wuƙa na ce sai na sa baki. Wuƙar maƙera tamu, ko jinin nama ka bari ya kwana bisanta ka ga ta yi tabo, balle ruwan zafi. Mu da mun gama aiki muna wanke ta, mu share ta bushe nan take, mu shafa ɗan kitse, mu sa kube. Kuma ƙotar icce ce. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta saki, wata rana kana sara ƙarfen ya fita daga ƙota. Na ga wanda hakan ta yanke ma yatsa. Yaya Maman Nafisa, ki girgiza wuƙaƙen nan ki ji ko suna motsi cikin ƙota kafin ki yi aiki da su.

Maman Nafisa: Na duba Abdu. Ta maƙeran ta yi tsatsa kuma tana ɗan motsi. Ɗayar inoks ce mai hannun roba, ita ɗigo-ɗigon ja kawai ta yi a baki.

Zali: To kun gani, ai na ce gishiri ne. Inoks ba ya tsatsa haka kawai.

Malam Isufu: Zali, a nan kina da ƴar gaskiya. Gishirin inji yana da rumbunsa a ƙasa, aikinsa gyara abin da ke tausasa ruwa, ba ya shiga wanki. Amma in ya zube a gindin injin lokacin cikawa ba a ɗauraye ba, yana sa wa cokula da wuƙaƙe ɗigon tsatsa. Sai dai a wannan karon ina zargin tandar: tsatsarta ta bi ruwa ta sauka a kan wuƙar. Kuma inoks ɗin wuƙa ba irin na tukunya ba ne. Don ya riƙe kaifi ana yin sa da tauri, taurin nan kuma yana rage masa juriyar tsatsa. Ɗigon zai fita da lemon tsami da soso.

Abin da ya fi tsatsa ɓarna shi ne kaifin. Bakin wuƙa mai kaifi ya fi gashi siranta. Ruwa na fesowa da ƙarfi, wuƙar na bugun cokula da waya har awa biyu, bakin ya lanƙwashe ko ya ɗan ɓare. A wurinmu wuƙar mai girki ba ta shiga inji ko da na otal ne da ke gama wanki cikin minti biyu ko uku. Wuƙar tebur ta cin abinci kam a sa, ba komai. Ta maƙeran, ki kai wa maƙeri ya sake mata ƙota ko ya matse ta, kamar yadda Abdu ya ce.

Maman Iman (Filato): Ni ban yarda da a tsorata mutane haka ba. Kaskona mai baƙin shafi, wanda ƙwai ba ya kamawa, a kwalinsa an nuna ana iya sa shi a inji. Shekara guda ke nan ina sawa kusan kullum, ban ga ya ɓare ba. In komai sai da hannu, mene ne amfanin injin da kuɗin kuran ɗin da yake ci?

Malam Isufu: Maman Iman, ba na musun kwalin. Akwai waɗanda aka yi su don su jure. Abin da na gani da idona shi ne shafin ba ɓarewa yake fara yi ba, santsinsa ne ke raguwa a hankali har ƙwai ya fara neman mai. Kuma yawancin kaskon nan jikinsu alminiyom ne. Ki kifa naki ki duba bakinsa da gindinsa inda ba shafi, ko ya yi fari-fari ko toka?

Maman Iman: Na duba. Bakin ya ɗan dushe, gaskiya. Amma ciki lafiya lau, ƙwai na sulɓewa. Ni zan ci gaba da sawa, in ya mutu bayan shekara biyu na sayi wani, lokacina ya fi mini.

Ramatu: Nawa kuwa wata shida bai yi ba ya fara kamawa, kuma da hannu nake wanke shi. Ina ga cokalin ƙarfe da wuta mai yawa sun fi inji kashe su.

Fati: Ni tambayata a kan katako ce, kuma da gaske nake. A asibiti nake aiki, na san abin da ɗanyen naman kaza ke bari a kan abin yanka. Ruwan digiri 70 yana kashe ƙwayoyin cuta fiye da wankin hannu da ruwan famfo. Ashe ba gara katakon ya tsufa da wuri ba a kan yara su kamu da zawo?

Malam Isufu: Damuwarki a kan hanya take, Fati, amma inji zai kai ki ga abin da kike gudu. Itace yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Bayansa ke fara bushewa cikinsa na jiƙe, sai su ja juna ya tsage. Katakon yanka na kanti kuma yawanci guntaye ne aka haɗa da gam, zafi da ruwa na sassauta gam ɗin, shi ya sa na Maman Nafisa ya buɗe a miƙe daidai mahaɗa. Da zarar ya tsage, ruwan nama ya samu maɓoyar da soso ba ya kaiwa. Mafita ita ce a raba: abin yanka na roba mai kauri don ɗanyen nama da kifi, shi a sa shi a inji a kan mafi zafi, na katako don albasa da burodi da ganye, a wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi nan take, a jingine shi a tsaye iska ta bugi fuska biyu. Wanda ya riga ya tsage kada ya ƙara ganin nama.

Fati: Wannan na yarda. Amma muciya da ludayin katako da ke shiga miya mai tafasa fa, ai sun saba da zafi?

Hajiya Bukoki: Muciya minti nawa take yi a tukunya? Tuƙi ne a cire. Kuma ba ruwan kanwa ake tuƙawa ba. Akushi, ƙoshiya, maburgi, ƙwarya, ludayin duma, mara, duk abin da ya tsiro daga ƙasa hannu ne nasa. Tukunyar ƙasa ma haka, tana shan abin da aka jiƙa ta da shi, sai ki ji ɗanɗanon sabulu a miya. Maman Nafisa, ina turmin? Ba ki ce komai a kansa ba.

Maman Nafisa: Shi bai tsage ba Hajiya, ya dai yi fari ya yi kaushi. Na fitar da shi tsakar gida ya sha rana.

Hajiya Bukoki: Maza ki ɗauko shi! Jiƙaƙƙen turmi a ranar Yamai, ga iskar hunturu, kafin la'asar zai buɗe baki. Ki kai shi inuwa, ki kwantar da shi a gefe, ya bushe a hankali kwana biyu ko uku. In ya bushe ki shafe shi da man kaɗe.

Malam Isufu: Inuwar kam dole. A kan man ne muka ɗan bambanta da Hajiya. Man girki yakan yi warin tsufa a cikin itace, musamman da zafinmu. Ni man farafin na farmasi, wanda ake sha, nake sa wa katako, ba ya wari ba ya lalacewa. A kula, ba kananzir nake nufi ba.

Hajiya Bukoki: Malam, akushina ya girmi wasu a zauren nan, man kaɗe kawai ya sani, kuma bai taɓa wari ba. Kaɗan ake sawa a murza.

Abdu ɗan Tawa: Ni ma kaɗe na sani ga ƙota. Amma zan nemi wanga na farmasi in gwada bisa guda in gani.

Maman Nafisa: Na ɗauko turmin, Allah ya sa ban makara ba, akwai wani ɗan layi siriri a bakinsa da ban lura da shi ɗazu ba. Tukunyar farko ta washe, sai da na tafasa sau biyu kafin tsumman ya fito fari, gindinta kuma akwai ƴan ramukan da Malam ya faɗa. Tandar sai gobe in na sayo gawayi. Saura abu ɗaya: kwanonin samira na kayan ɗakina masu zanen fure, da butar shayin maigida, su fa? Biyu daga cikin kwanonin bakinsu ya ɗan ɓare.

Malam Isufu: Waɗanda suka ɓare kada ki sa, ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, daga wurin ɓarewar tsatsa za ta shiga ta ci gaba. Masu lafiyar ma zanen yana dusashewa da yawan wanki a inji, in kina son furen ki bar su a hannu. Butar shayi kuwa ki tambayi mai ita tukuna, masu shayi da yawa ba sa yarda sabulu ya taɓa cikinta ko kaɗan.